Tocila Mai Shokin Da Rigar Sanyi

Tambaya: Malam, ina rufe shagona a Sabon Gari bayan isha'i, shi ya sa na sayi tocila mai shokin, an rubuta bolt miliyan 5 a kwalinta. Na gwada ta a kafaɗar ƙanina yana sanye da rigar sanyi, sai ƙara kawai, bai ji komai ba. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malama, mai yiwuwa tocilarki lafiya lau take, rubutun kwalin ne ƙarya. A cikinta akwai ƙaramin batir da taransifoma mai ninka ƙarfinsa zuwa dubban bolt, sannan a saki wutar ɗis-ɗis ta kan ƙarafa biyu da ke bakinta. Yawan wutar kaɗan ne ƙwarai, ƙarfin turawar ne mai yawa. Busasshiyar iska tana ba wuta hanya a kusan bolt 3,000 kan kowace milimita, don haka idan tazarar ƙarafan santimita 2 ce, tartsatsi zai tsallaka kafin a wuce bolt 60,000, balle a kai miliyan.

Wannan lissafin ne ya kuɓutar da ƙaninki. Wuta tana bin hanya mafi sauƙi, kuma sai ta fita daga ƙarfe ɗaya, ta ratsa fata, ta koma ɗayan, kafin mutum ya ji ta. A ce rigar sanyi da kaftani da shimi sun nesanta ƙarafan da fata da santimita ɗaya da rabi: shiga da fita santimita 3 ke nan, alhali tsakanin ƙarafan 2 ne kacal, sai ta yi tsallenta a bakin tocilar. Ƙara mai ƙarfi yayin da kike danna ta a jiki alama ce ta cewa wutar a iska take tashi, domin idan ta shiga jiki ƙarar raguwa take yi. Babbar riga ma, da yake ba ta manne wa jiki, haka take yi.

Ko da ta taɓa fata, zafi kawai take sawa a ɗan wurin da ke tsakanin ƙarafan. Wadda ke sandarar da mutum ita ce Taser, mai harba ƙugiyoyi biyu da siririyar waya, su kama jiki nesa da juna, wutar ta ratsa tsoka mai yawa na daƙiƙa 5. Ita ma idan ƙugiya ɗaya ta kuskure, shi ke nan.

Taki kuwa sai ɓarawo ya zo dab da ke, ki riƙe ta a jikinsa na wasu daƙiƙoƙi yana fizge-fizge, kuma yana iya ƙwace ta. Wanda ya bugu da ƙwaya bai cika damuwa da zafi ba, masu ƙwacen waya kuma ba kasafai suke zuwa su kaɗai ba. A ganina, iyakar amfaninta ki samu sararin gudu da ihu. Kada ki sake gwada ta a kan mutum, musamman a ƙirji ko a jikin mai ciwon zuciya.