Yadda ake bambance cututtuka uku masu kawo fitar ruwa a gaban mace

Tambaya: Ruwa mai wari yana fito mini ta gaba, na saka maganin sanyi na matsi sau biyu bai daina ba. Me ke damuna?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da muke kira sanyi ba cuta ɗaya ba ce. Idan kandida ce, wato ciwon fangas, ruwan fari ne mai kauri kamar kindirmo, da ƙaiƙayi mai tsanani amma babu wari, kuma ita kaɗai matsin kulotirimazol ko ƙwayar fulukonazol miligiram 150 ke warkarwa. Mai ciki ta tsaya ga matsin, kada ta sha ƙwayar.

Warin da kika ambata ya fi karkata ga sauran biyun. Idan ƙwayoyin baktiriya na farji suka rikice, ruwan yakan zo tsararo mai launin toka, yana ƙarnin kifi musamman bayan saduwa, ƙaiƙayi kuwa kaɗan ne ko babu. Tirikomonas, wadda ake ɗauka ta saduwa, ruwanta yakan yi ɗorawa ko kore-kore, wani lokaci da kumfa da zafin fitsari. Ido kaɗai yana ruɗi, saboda haka ki je asibiti a ɗebi ruwan. Awon pH, wato gwajin tsamin ruwan, idan ya haura 4.5 yana nuni ga waɗannan biyun, a madubin likita kuma ana ganin tirikomonas tana motsi.

Maganinsu metironidazol ne, wato fulajil, miligiram 400 ko 500 sau biyu a rana har kwana 7, kuma ki ƙarasa shi ko da warin ya ɗauke. Idan tirikomonas ce, wajibi ne maigida ya sha ko ba ya jin komai, ku kuma dakatar da saduwa har ku gama. Ki daina wanke cikin farji da sabulu ko ruwan bagaruwa, domin yana ƙara rikita shi. Idan akwai ciki, zazzaɓi ko ciwon mara, ki ga likita yau.