Kaso biyu a kan takardar lamuni guda: wanne ne naka?

Tambaya: Malam, ina aiki a ƙasar waje, ina son zuba ajiyata a takardar lamunin gwamnati. A manhajar dillalina na ga `Coupon 5%` da `Yield 6.9%` a kan takarda ɗaya. Wanne zan samu?

Amsa: Ɗan'uwa, na biyun ne naka, muddin ka saya a farashin yau kuma ka riƙe takardar har wa'adinta ya cika.

Kashi 5 ɗin alkawari ne da aka rubuta tun ranar fitar da takardar, ana lissafa shi a kan ƙimar da ke rubuce a jikinta. In ƙimar 1,000 ce, 50 za a riƙa biya kowace shekara, ko nawa ka saye ta. Wannan ba ya canjawa. Farashin kasuwa ne ke hawa da sauka.

A ce saura shekara 3 wa'adi ya cika, ka saye ta 950. Za ka karɓi 50 sau uku, sannan a ƙarshe a ba ka 1,000 cif, wato ƙarin 50 a kan abin da ka biya. In ka raba 50 na shekara da 950, kashi 5.26 ne, shi ake rubutawa `Current yield`, amma bai sa ƙarin nan a lissafi ba. Wanda ya haɗa duka, har da lokacin shigowar kowane kuɗi, shi ne `YTM`, wato ribar riƙe takarda har wa'adinta ya cika, a nan kusan kashi 6.9, irin `Yield` ɗin da ka gani. Da 1,050 ka saye ta, 50 ɗin shekara na nan, amma 1,000 za a mayar maka, sai ribar ta faɗo kusan kashi 3.2. Shi ya sa nake jin takaici in na ga mutum ya bi kaso mai tsoka bai tambayi farashi ba.

Takardar baitulmali ta gajeren zango, wadda yawanci ba ta wuce shekara, ba ta da biyan shekara-shekara. Da rangwame ake sayar da ita. Ka biya 900, bayan shekara a ba ka 1,000. Rangwamen kashi 10 ne, amma ribarka 100 ce a kan 900, wato kashi 11.1. Tambayi dillali wanne daga cikin biyun ya faɗa maka.

Matsala takan zo ne in buƙata ta taso ka sayar kafin wa'adi. Idan kuɗin ruwa ya hau a kasuwa, sababbin takardu za su fi taka biya, dole farashin taka ya sauka kafin a saya, kana iya fita da asara. Sannan adadin da ke kan allo galibi bai cire haraji da la'adar dillali ba. In kuma takardar da wani kuɗi ce daban da wanda kake kashewa, faɗuwar darajar kuɗin na iya cinye ribar gaba ɗaya, don haka ka daidaita wa'adin da lokacin da za ka buƙaci kuɗinka, irin kuɗin kuma da wanda kake kashewa.