Sitatimen ɗin banki kaɗai gare ni, ya zan gane ribata?

Tambaya: Salam malam, ina da ɗan shagon abaya da turare a Bab Makka nan Jidda, ban taɓa rubuta ciniki ba, sitatimen ɗin banki kawai nake da shi. Akwai hanyar da zan san ribar shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akwai, amma ba daga balas ɗin banki za ka karanto ta ba, jarinka za ka auna sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta. Jari kuwa shi ne duk abin da shago ya mallaka a cire bashin da ake binsa.

Mu ce ranar 1 ga Muharram kana da kaya na riyal 40,000, banki 15,000, kana bin mutane 5,000, kanta da na'urar sanyaya ɗaki 10,000, ya kama 70,000. Dila yana binka 12,000, jarinka 58,000 ke nan. Ƙarshen Zulhajji ka sake irin wannan lissafin, dukiya ta kai 90,000 bashi 15,000, saura 75,000. Jari ya ƙaru da 17,000.

To a nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce ribar ke nan, hankalinsu ya tashi, alhali sun ci ribar ne tun tuni. Buɗe sitatimen ɗin ka bi shi layi layi da biro, ka ware duk abin da ya fita don kanka ba don shago ba, cefane, hayar gidan da kake kwana, kuɗin makarantar yara, wanda ka tura gida. A ce sun kai 42,000. Sai ka nemo kuɗin da ya shigo ba na ciniki ba, misali ka sayar da motarka ka zuba 10,000 a shago. Abin da ka fitar don kanka ka haɗa shi da ƙarin jarin tunda riba ce ka ci, wanda ka zuba kuma ka cire shi tunda ba riba ba ne.

Riba = 75,000 − 58,000 + 42,000 − 10,000 = 49,000

Inda nake so ka kula sosai shi ne tsabar kuɗi. Riyal hamsin ɗin da kake zara daga aljihun tebur kullum da yamma banki bai san da ita ba, haka turaren da ka ɗauka ka kai wa uwargida, in ba ka ƙiyasta su ka haɗa ba ribar za ta fito ƙasa da gaskiya. Kaya kuma ka sa musu kuɗin sari, ba na sayarwa ba, wanda ya kwanta ya koɗe ka rage masa. Kuɗin amana da alhazai ke turowa asusunka lokacin aikin Hajji, in yana nan har ranar lissafi, bashi ne a kanka.

Wannan hanyar jimlar riba kawai take bayarwa, ba za ta gaya maka ko abaya ce ke kawowa ko turare ba. Kayan farkon shekara kuwa, tunda sun wuce ba ka ƙirga ba, ka roƙi dilolinka su fito maka da rasitansu na lokacin, da su za ka yi ƙiyasi.