Abin da ya sa muke fara gaida Oba

Ƙanena, na ga tambayarka kan jawabin maraba da na yi a bikin al'adu na bana a nan Agege da ke Legas. Ka ce ranka bai yi daɗi ba da ka ji na ce "Kabiyesi" ga Oba, sarkin Yarbawa, kafin in ce wa Sarkin Hausawa ranka ya daɗe. Ban ga laifinka ba, don a Kano ba wanda ake ambata gaban Sarki.

Amma nan ƙasar Yarbawa ce. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, abin ya ƙara ƙarfi bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, suka kafa zango, suka hayayyafa. Sarkin Hausawa shugaban jama'armu ne, Oba kuwa shi ne mai ƙasa. Da na sa Sarkinmu gaba, shi kansa zai fara kirana washegari, domin shi ke zama da Oba a sasanta in rigima ta tashi a kasuwa.

Jawabin ba ya wuce minti 7, kuma kusan rabinsa gaisuwa ce. Ina buɗewa da bisimilla da gajeren salati, ba na ja, saboda akwai Kiristoci a rumfa. Sai Oba da Yarbanci, har da "ẹ káàbọ̀", wato sannu da zuwa. Daga nan wakilin gwamnati da Turanci, sannan in juya Hausa ga Sarkinmu, a nan ne nake sakin baki, masu kalangu su amsa. Shugaban Inyamurai da shugabannin kasuwa su biyo baya.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne takardar sunaye. Wadda aka rubuta jiya ba ta da amfani yau, don wani zai aiko wakili, wani ya zo ba a zata ba. Shi ya sa nake tsayar da yaro a bakin ƙofa yana kawo mini gyara har lokacin da zan karɓi lasifika.

Na koyi haka ne da wuya. Wata shekara na tsallake Iyaloja, shugabar 'yan kasuwa. Ba ta ce uffan ba, amma matan da suka zo da ita cikin anko, sun fi talatin, ba wadda ta tafa da na gama, makaɗansu kuma suka kwantar da ganguna a cinya. Nan take na gane. Ban jira ba, na koma kan lasifika na nemi afuwa a bainar jama'a, na kira ta da cikakkiyar sarautarta. Washegari na ɗauki goro tare da dattawa biyu muka je har shagonta, don rumfunan 'yan uwanmu masu tumatir da albasa a ƙarƙashinta suke. Sai da muka koma karo na biyu kafin ta karɓi goron.