Rajistar awon ciki ta koɗe: in bi kanta da biro?

Tambaya: Ni ce mai ajiyar takardu a wani gidan likita a Tawa. Shugabanmu ya rubuto wasiƙa yana son kwafin rajistar awon ciki ta 2016 wanda ke karantuwa, kafin a shigar da ita kwamfuta. Rubutun ya koɗe, fotokofi kuma fari yake fitowa. An ce in bi kan rubutun da biro. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, ajiye biron nan. Kusan duk inda na je duba tsofaffin rajistoci sai na tarar wani ya riga ya "gyara" su, yana ma jiran a gode masa. Mai bin rubutu da biro, abin da yake zato yake rubutawa, kuma sabuwar tawada ta rufe tsohuwar ke nan har abada. Dubi yadda muke rubuta 7 da ɗan layi a tsakiya: in layin ya koɗe, 7 ta zama 1. Matar da hawan jininta ya kai 17/8 sai ta koma 11/8, alamar haɗari ta ɓace. Haka rukunin jini: tsayayyen layin + ya goge, ya bar −, ko kuwa mai gyara ya ga − ya ɗauka + ce ta koɗe ya cika ta. Wa zai gane bayan shekara biyu? Sake kwafe ta da hannu cikin sabon littafi ma duk kanwar ja ce, balle a ce an jefar da ta asali. Rajista shaida ce, ko a gaban alƙali. Masu cewa "haka muka saba yi" su ji tsoron Allah.

Injin fotokofi yakan ɗauki shuɗi mai rauni a matsayin farar takarda, shi ya sa kwafin ke fitowa fari. Ki yi sikanin mai launi, 300 dpi aƙalla, shafukan da suka fi lalacewa 600. A kan hoton ake ƙara duhu, a kuma ajiye na farko ba a taɓa ba. Inda ya gagara, rufe taga ki haska tocila daga gefen shafi: biro na barin sawu a jikin takarda, inuwa za ta fito da shi. Sannan ki gwada da katin awon matar in yana nan. Abin da bai karantu ba a rubuta illisible a gurbinsa, kada a sa 0.

Kada rajistar ta fita zuwa shagon fotokofi na bakin kasuwa, ko a tura hotonta ta WhatsApp. Akwai sakamakon gwajin sida a ciki, da sunaye da unguwanni.

Ki ba shugaba amsa a rubuce: yawan shafuka, lambobin waɗanda ba su karantu ba, da gurbin da abin ya shafa. Ya sa hannu, ki riƙe kwafi.