Tunin bashi ga kawu: da Hausa ko da Turanci?

Tambaya daga Garwa: "Malam, ina bin kawuna sefa 150,000 tun lokacin albasa. Tsohon malamin makaranta ne, a Bamenda ya yi karatu, yana jin Turanci sosai. Ina jin nauyin yi masa tuni da Hausa. In rubuta da Turanci ne, ko in gauraya?"

Rubuta da Hausa. Nauyin nan da kake ji shi ne ladabin, kuma so ake kawu ya gan shi a cikin saƙon. Mutumin da ya yi maka huɗuba, kullum da Hausa kuke gaisawa, ran da ya ga Turanci daga gare ka zai karanta shi kamar takardar sammaci. Ga shi Turanci wakilin suna ɗaya gare shi ga yaro da dattijo. Hausa kuwa ta ba ka "ku" na girmamawa, ta kuma ba ka "a" wanda ba ya nuna kowa da yatsa. Dubi wannan:

"Salamu alaikum Kawu. An tashi lafiya? Yaya jikin Inna? Dama makaranta ce za a koma a Satumba, ga kuɗin yara ya taso. Shi ne na ce ko za a samu wani abu daga cikin 150,000 ɗin nan, ko da rabi ne, kafin 5 ga wata. Allah ya ƙara girma."

Ba a ambaci bashi ba, amma adadi da rana sun fito sarai. "Dama" ta ɗora laifin a kan makaranta. "Ko za a samu" ta bar masa ƙofar cewa babu ba tare da ya ji kunya ba. Mayar da ita "ka ba ni", ka ji yadda maganar ta koma ta ɗan kasuwa da ɗan kasuwa. Ka kiyayi "fa" da "mana" da "wai": a baki murya tana tausasa su, a rubuce kuwa ta farko gargaɗi ce, ta biyu ƙosawa, ta uku zargi. Karin magana ma a bar shi. "Alkawari kaya ne" gaskiya ce, amma daga ƙarami zuwa babba habaici ne tsantsa.

Gaurayawa ta sa'anni ce, abokin karatu ko ɗan ɗakinku. Da kawu, adadin kawai za ka sa da lambobi, don ƙidayar baki tana rikita mutane: masu sefa suna lissafi da dala, wato faran 5, ga kuma jaka, wadda a Nijar sefa 1,000 ce, a tsohon lissafin Najeriya kuwa naira 200.

Sai ka lura da amsa. In ya mayar da gaisuwa ya tambayi yara, saƙo ya shiga. In "To" kaɗai ya aiko, ko ya juya maka Turanci ko Faransanci, ransa ya sosu. Kar ka ƙara rubutu. Bari a sauko daga Juma'a ka je gida ka gaishe shi, ka bar shi ya ɗauko zancen da kansa.