Bidiyo ɗaya a dandali huɗu, amma ciniki daga wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Kano. Nakan sa bidiyo a TikTok, in sauke shi, in watsa shi da rubutunsa a Instagram da Facebook da Status na WhatsApp. A TikTok ana kallo, sauran kuwa shiru kake ji. Laifin kwafin ne? Ba ni da lokacin yin bidiyo huɗu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sai kin ɗauki bidiyo huɗu ba, guda ɗaya ya isa. Matsalar tana farawa ne daga inda kike ɗauko shi.

Bidiyon da aka sauke daga TikTok yawanci yana fitowa da tambarin manhajar da sunan mai shi suna yawo a jikinsa. Tun 2021 Instagram ta sanar cewa za ta rage nuna bidiyon Reels da ke ɗauke da tambarin wata manhaja, wato mabiyanki za su iya ganinsa, amma ba za a tura shi ga baƙi sosai ba. Baƙin nan kuwa su ne sababbin masu saye. Sannan kowace manhaja tana matse bidiyo idan an ɗora shi. TikTok ta matse, kin sauke, WhatsApp ta sake matsewa. Kafin ya kai ga mai kallo, zanen leshin ya dushe, ja ya koma wani iri. Ga mai sayar da yadi wannan asara ce babba, domin launi da saƙa ake saye. Don haka ki ɗauki bidiyon da kyamarar wayarki, a tsaye, ki adana asalin, ki riƙa ɗora shi kai tsaye a kowane wuri.

Ki lura da waƙa ma. Wadda kika zaɓa a cikin TikTok, izininta na can ne, kuma Facebook ko Instagram na iya kashe sautin idan ta biyo bidiyon. Ni dai na fi son muryar mai kaya: ki buɗe turmin, ki murza shi a gaban kyamara, ki ce yadi shida ne, ba ya zuba.

Sai rubutun, kuma a nan aka fi yin ɓarna. A ce kin ɗauko sababbin atamfofi daga Kantin Kwari, kin rubuta dogon bayani, kin sa adireshin WhatsApp a ƙarshe. A Facebook adireshin zai yi aiki, mutum ya taɓa ya faɗo wurinki. A Instagram kuwa adireshin da ke cikin rubutun ƙasan hoto ba ya taɓuwa, haruffa ne kawai, kuma ba kowa zai tsaya kwafarsa da hannu ba. Can sai ki sa shi a bayanan shafinki, ki ce a duba sama. Ki rubuta shi `wa.me/234` sai lambarki, ba tare da sifilin farko ba. Haka kuma Instagram layi ɗaya ko biyu take nunawa ta ɓoye sauran, saboda haka sunan kaya da farashi su zo farko, gaisuwa ta biyo baya. A Facebook kina da sarari: ki yi bayanin yadda ake aika kaya Kaduna ko Maraɗi, da wanda zai biya kuɗin mota, tunda can mutane na karatu suna tambaya.

Status daban yake da duka ukun. Masu kallonsa suna da lambarki, sun san ki, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ba sa bukatar gabatarwa, kuma tarin kalmomi masu alamar # ba su da aiki a nan. "Sun iso, saura turmi uku na shuɗin" ya wadatar. Rubuta "ku bi shafina" ga 'yar'uwar da ke da lambarki shekara da shekaru yana nuna mata cewa ba da ita kike magana ba.

Wani kuskuren da kwafi ke jawowa shi ne na ambaton suna. Idan kin sa @ da sunan telarki na TikTok, wannan sunan a Instagram yana iya zama na wani mutum dabam, sai ki tura masu sayenki wurin baƙo.

Abin da ya kamata ya zama iri ɗaya ko'ina shi ne farashi da lambar waya da sunan kasuwancinki. Mai saye da ta ga farashi biyu a wuri biyu ba za ta ƙara yarda ba.

Ki gwada na mako biyu. Idan shafinki na Instagram na kasuwanci ne, ki shiga `Insights` ki duba kason masu kallo da ba mabiyanki ba ne, ki kwatanta da na tsofaffin bidiyoyi masu tambari. Duk wadda ta yi miki magana kuma, ki tambaye ta inda ta ga kayan, ki rubuta a littafin cinikinki. Dandalin da bai kawo kowa ba bayan an gyara, ki rage wahala a kansa.